Darasin da na koya kan cire kuɗin haya

Da muka tashi daga gidan haya a Ƙofar Kaura, na je banki na soke umarnin da nake biyan mai gida duk 28 ga wata, Naira 25,000. Takarda ɗaya na cike, aka tsayar nan take, domin ni na kafa shi da hannuna.

Na kuɗin makarantar yara kuwa daban yake. Can izini na ba makarantar, ita ke jawo kuɗin daga asusuna, kuma adadin yana iya sauyawa kowane zango. Da na nemi a tsayar da shi, ma'aikaciyar bankin ta ce, "Alhaji, ka rubuta mana a janye izinin, ka sanar da makarantar ma a rubuce."

Don Allah ku riƙe kwafin takardar sokewar da aka buga wa hatimi, ku kuma duba saƙon banki ranar da aka saba cirewa.