Laraba, da wasiƙar Auta

Yau ba aiki, na ce bari in yi wankin da ya taru tun makon jiya, sai ga Auta ta shigo da waya a hannu ido ya yi ja. Hoton tambayar asamen ɗinsu ya ɓace. Malaminsu na tsarin sauti kowane rukuni tambayarsa daban ya ba shi a 'yar takarda, ita ce shugabar nasu, ta ɗauki hoto ta mayar masa da takardar, to ka ga ba wani ɗan aji da za ta ce turo min, kowa tasa daban. Ƙanin Abba ne ya ari wayar zai sauke bidiyo, ta ce masa ba waje, ya share hotuna ya bi kwandon shara ya kwashe shi ma.

Mun duba. A Gallery akwai Recently deleted, yawanci hoto kan yi kwana 30 a ciki kafin ya tafi, wayam. Google Photos yana riƙe wanda aka yi wa bakof na ɗan lokaci a Trash, amma ita bakof ɗinta a kashe yake saboda data. Da ta tura wa ko mutum ɗaya a WhatsApp da yana can a wayarsa, ba ta tura ba, wai jira take ta rubuta shi da kyau tukuna. Manhajar dawo da hoto ta fito mana da ɗan ƙaramin kwafin nan da waya ke ajiyewa, kana ganin takardar da layukan rubutu, kana buɗa shi ya dagargaje, ko harafi ɗaya ba ya karantuwa.

Sai na ce to rubuta wa Malam mana. Nan fa abin da ya tsaya min a rai ya fara. Ashe tun Lahadi ta rubuta, ta kasa turawa. Na karɓa na karanta, layi bakwai duk ban haƙuri ne, don Allah don Annabi, na san na yi laifi, a yafe min, ba sunanta ba ajinta ba lambar rukuni, abin da take nema ma yana can ƙasa kamar wadda ke ɓoye shi. Na ce Auta, mutumin nan ɗalibai nawa gare shi, ta ina zai gane wace tambaya ce taki? Ta ce Yaya ni tsoro nake ya ce sakarci ne. Na ce ko ya faɗa, Juma'a dai za a karɓa.

Muka zauna muka sake. Sallama, gaisuwa layi ɗaya, cikakken suna, lambar rajista, aji biyu, sunan kwas da lambarsa, rukuni na huɗu. Sannan ta ce: Malam, hoton tambayar da ka ba mu ranar Alhamis ya goge daga wayata, na nema ban samu ba, kuma ni kaɗai ke da shi a rukuninmu. Na tuna a kan ganɗantawa ce, amma ban riƙe adadin misalan da ka nema ba, kuma ban tuna ko daga sunaye kaɗai za a kawo ko har da aikatau ba. Ina roƙon a taimaka a sake turo min, ko a faɗa min lokacin da zan zo ofis in kwafa. Na gode, Allah ya ƙara girma.

Wannan na tsakiyar ni na matsa a saka, don ya ga ta karanta tambayar. Ganɗantawar nan ita ce sauyawar baƙi in ya zo kafin wasalin i ko e, kamar t ta koma c ko s ta koma sh. Kuma bambancin ba ƙarami ba ne, in sunaye ne kawai, mota motoci, ƙasa ƙasashe, kaza kaji, ɓarawo ɓarayi, an gama da wuri, in har da aikatau ne sai ta shiga su sata ya saci, fansa ya fanshi, aikin ya ninka. Ta so ta roƙi ƙarin lokaci a ciki na hana, buƙata ɗaya ta isa. Ta so ta yi murya, na ce rubutu, yana iya karantawa ko a tsakiyar mitin. Muka tura wajen sha ɗaya na safe.

Wankin dai rabi. Umma ta yi dambu. Wuta ta zo ta koma.

Har yanzu abin na damuna wallahi, yarinya mai ƙoƙari ta zauna da saƙo a waya tun Lahadi, ba ta barcin kirki, 'yan rukuninta na ta kiranta tana ƙin ɗauka, duk don kada malami ya ga sunanta a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Bayan la'asar ya amsa. Ya turo hoton, ya ce misali ashirin, sunaye da aikatau, Juma'a kafin sha biyu. Nan take ta tura a guruf ɗinsu ta kuma kwafe a littafi, yanzu tana falo tana tambayar Umma jam'in buzu.