Abin da wasan dogayen benaye ya koya mini game da na gani da na ɓoye

Lissafi nake koyarwa a wata sakandare, kuma duk ranar Alhamis bayan an tashi akwai ɗalibai kamar goma sha biyar da ke tsayawa mu yi wasannin wasa ƙwaƙwalwa. Da Sudoku muka fara, da suka gaji da shi sai na kawo musu wanda ake kira Skyscrapers, a wasu manhajojin kuma za ka same shi da sunan Towers. Mu dai wasan dogayen benaye muke ce masa. Na kawo shi ne ina ganin na iya, amma sai da na yi zango guda ina koyar da shi kafin na gane yadda ake karanta lambobin gefensa.

Dokar ba ta da yawa. Ana zana fili mai gida huɗu a kwance, huɗu a tsaye. Kowane gida bene ɗaya ne, mai hawa 1, 2, 3 ko 4, kuma tsayi ɗaya ba ya maimaituwa a layi, ko kwance ko tsaye. Lambar da ke gefe tana gaya maka benaye nawa mutum zai hango idan ya tsaya a wurin ya dubi cikin layin. Dogo yana tare gajeren da ke bayansa. Idan layi ya zo 2, 1, 3, 4, wanda ya tsaya ta hagu zai ga 2, ba zai ga 1 ba, zai ga 3 da 4, wato uku. Wanda ya tsaya ta dama kuwa 4 ya cika masa ido, ɗaya kawai zai gani. Ranar farko da kwalayen ashana na nuna musu. Na jera su bisa tebur, na ɗora wasu kan wasu, kowa ya zo ya durƙusa ya daidaita idonsa da bakin tebur ya ƙirga.

Abu biyu kowa ke kamawa nan take. Idan lambar gefe 1 ce, mafi tsayi yana bakin layi. Idan 4 ce, kowa ya fito fili, don haka jerin 1, 2, 3, 4 ne. Ni ma a nan ilimina ya tsaya tsawon makonni: in cike waɗannan biyun, sauran kuma in yi ta gwaji ina gogewa. Lambobin tsakiya, 2 da 3, kallonsu nake kamar ba su faɗi komai ba sai an gama an zo duba amsa.

Kuskure ne ya buɗe mini ido. Wata Alhamis na kwafo wasa a kan allo, sai hannuna ya rubuta 3 a hagun wani layi da 3 a damansa, alhali ɗayar 2 ce. Yara suka shafe kusan minti ashirin suna fama, takardu duk sun yi baƙi da gogewa. Can sai wata yarinya ’yar aji biyar ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, wannan layin ba zai yiwu ba. Dogon ne kaɗai ake gani ta ko’ina. Sauran ukun kowanne ta gefe ɗaya za a gan shi, don dogon ya tare ɗaya gefen.” Na tsaya na lissafa a gabansu. Dogo an ƙirga shi sau biyu, sauran uku sau ɗaya-ɗaya, jimla biyar. Uku da uku shida ne, ya wuce iyaka. Na ba su haƙuri na gyara allon, amma maganarta ta bi ni har gida.

Daga ita na fitar da doka mafi amfani da na sani a wasan. Lambobi biyu da ke fuskantar juna ba za su wuce yawan gidajen layi da ƙarin ɗaya ba. Idan kuwa suka kai daidai wannan iyakar, babu benen da ya ɓuya, kowa ana ganinsa ta wani gefe. To layin ya zama tudu ke nan, yana hawa daga hagu, yana hawa daga dama, su haɗu a ƙololuwa. Lambar gefen ita ce ke nuna gidan dogon: idan 3 ce ta sama, 2 ta ƙasa, mai hawa 4 yana gida na uku daga sama. Akwai kuma ribar da na daɗe ban lura da ita ba. Tunda babu wanda ya ɓuya, mai hawa 1 dole yana ɗaya daga cikin bakunan layin biyu, domin shi ba a taɓa ganinsa sai in shi ne a gaba. Kowa ya fi shi tsayi, kowa zai iya tare shi.

Ga wasan da nake fara ba sababbin ɗalibai yanzu. Lambobi bakwai kawai na bar masa a gefe.

```
    . 3 2 .
  3 _ _ _ _ 1
  . _ _ _ _ .
  . _ _ _ _ .
  . _ _ _ _ .
    2 2 1 .
```

Da dogaye ake farawa, a kammala su duka kafin a taɓa wani abu. Layin kwance na farko yana da 1 a dama, don haka 4 yana gidansa na ƙarshe. Layin tsaye na uku yana da 1 a ƙasa, 4 yana gidansa na ƙasa. Layin tsaye na biyu yana da 3 a sama da 2 a ƙasa, jimla biyar, sai 4 ya zauna a gida na uku daga sama. An samu uku ke nan. Na huɗun ba shi da wata lamba a kusa da shi, amma layin kwance na biyu da layin tsaye na farko su kaɗai suka rage ba dogo, mahaɗarsu ita ce gidansa.

Sai a koma layin tsaye na uku, mai 2 a sama. Dogon yana can ƙarshen layi, kuma benaye biyu kawai za a gani. Wanda ke gaba ke nan sai ya tare duk na tsakiya. In ka sa 1 ko 2 a gaba, 3 zai leƙo daga baya, ƙirga ta zama uku ko fiye. Saboda haka 3 ne a gidan sama. Duk inda 2 ta fuskanci 1, mai bi wa dogo a tsayi shi ne a bakin layi, kuma wannan haka yake ko filin mai gida biyar ne ko shida.

Yanzu layin kwance na farko ya zama gida biyu babu komai, sai 3, sai 4, da lambar 3 a hagu. A nan ne kusan kowane sabon ɗalibi yake faɗawa, ni ma na faɗa. Hannu yana saurin rubuta 1 a gaba, saboda zuciya ta saba cewa babbar lamba a gefe tana nufin a fara daga ƙarami. Amma 1, 2, 3, 4 huɗu ake gani. Abin da na koya shi ne in daina tambayar nawa za a gani, in tambayi nawa za su ɓuya. Huɗu ne a layi, uku za a gani, ɗaya ke nan zai ɓuya. Tunda 3 da 4 suna a jere a fili, mai ɓuyan yana cikin biyun farko, kuma 2 ba zai ɓuya a bayan 1 ba. Layin 2, 1, 3, 4 ne. Ga shi 1 ya sauka a saman layin tsaye na biyu, a baki, kamar yadda dokar tudu ta faɗa tun farko. Idan na ga dokoki biyu sun haɗu a gida ɗaya haka, hankalina yakan kwanta cewa ban ɓata ba.

Layin tsaye na farko ya zama 2, 4, sai gida biyu da za su ɗauki 1 da 3, da lambar 2 a ƙasa. In 1 ne a ƙasa za a ga 1, 3, 4, uku ke nan. Don haka 3 ne a ƙasa, 1 ya ɓuya a bayansa. Sauran ba ya bukatar lambar gefe, cike gurbi ne irin na Sudoku.

```
  2 1 3 4
  4 3 1 2
  1 4 2 3
  3 2 4 1
```

Wani abin da ya gyara mini aiki shi ne sanin cewa lambobin gefe ba nauyinsu ɗaya ba. Na sa ɗalibai sun rubuta duk hanyoyin jera 1 zuwa 4, guda 24 ne, suka ware su bisa abin da ake gani ta hagu. Jeri ɗaya tak ke ba da 4. Shida ke ba da 1, shida ke ba da 3, goma sha ɗaya ke ba da 2. Lambar 2 ke nan ita ce mafi ƙarancin bayani idan ita kaɗai ce, kuma a kanta na fi ɓata lokaci a da. Abin da take faɗa da kanta kaɗan ne: 4 ba ya gidan farko, 3 kuma ba ya gida na biyu, domin in yana nan za a ga na gabansa, a gan shi, a ga 4. Ban da wannan sai a bar ta har dogon layin ya zauna, lokacin ne take yin magana sosai, kamar yadda ta yi sau biyu a wasan da ke sama.

A fili mai gida biyar ko shida, lambobin gefe ba kasafai suke ba ka gida kai tsaye ba. Abin da suke yi shi ne hana dogaye matsowa gaba. A mai gida biyar, idan lambar gefe 4 ce, gidan farko ba zai wuce 2 ba, na biyu ba zai wuce 3 ba, na uku ba zai wuce 4 ba, domin kowanne sai ya bar wa na bayansa wurin da za su hau. Don haka 5 yana ɗaya daga cikin gida biyun ƙarshe. Nakan sa ƙaramin ɗigo da fensir a duk gidan da 5 ba zai shiga ba, in bi dukkan gefuna huɗu, sannan in duba layin da gida ɗaya kaɗai ya rage masa ba ɗigo. Wani lokaci hakan yakan zaunar da dogaye duka. Wani lokaci kuma biyu ko uku kawai yake bayarwa, sai a koma kan 4 a yi masa irin wannan aikin. A nan dabarar take fara gazawa, musamman idan mai tsara wasan ya cire lambobi da yawa, dole a dawo ga rubuta jerin da zai yiwu a layi ɗaya a soke su ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu kafin in rubuta kowane wasa a allo, sai na haɗa lambobin da ke fuskantar juna layi-layi. A mai gida huɗu kada su wuce biyar, kada kuma su gaza uku, domin 1 da 1 na nufin dogaye biyu a layi guda. Yarinyar nan ta gama makaranta bara. Ƙaninta ne yanzu ke zama a bencin gaba ranar Alhamis, kuma makon jiya shi ya fara gama mai gida shida, da ɗigo-ɗigon fensir cike da takardarsa.