Takardar neman tallafi da ChatGPT: abin da nake ba shi da abin da nake hana shi

Ina rubuta wa ƙungiyoyin manoma a yankin Marwa, a arewacin Kamaru, takardun neman tallafi, yawanci da Faransanci, kuma ChatGPT yana rage mini aiki sosai. Amma ba na barinsa ya fara rubutun. In ka ce masa kawai ya rubuta takardar neman kuɗin gina rumbun albasa, zai kawo maka "ƙarfafa juriyar al'umma" da "ci gaba mai ɗorewa", kalmomin da mai tantance takardu ya gani har ya gaji. Dalili kuwa, manhajar tana zaɓen kalmar da ta fi yawan zuwa a irin wannan rubutu, don haka sai ta ba ka abin da kowa ke faɗa.

Da bakina nake farawa. Nakan ɗauki muryata a waya, kamar minti 10, ina bayanin matsalar yadda zan faɗa wa mai unguwa: albasa na fitowa lokaci guda da rani, farashi ya faɗi, wanda ya jibge ta a ɗaki marar iska ta ruɓe masa, dole ya sayar da arha. Sai in rubuta wannan yadda yake, in haɗa da sharuɗɗan mai bayar da tallafin da shafi guda na tsohon rubutuna. Umarnin gajere ne: ya tsara bayanin a ƙarƙashin kanun da aka nema, ya bi salon shafin nan, kada ya ƙara adadi ko suna, inda ya ga giɓi ya sa alamar tambaya. Sashe-sashe nake ba shi, domin in aka haɗa masa takarda duka, can wajen tsakiya yakan koma tsohon halinsa.

Duk da haka sai na bi shi da ido, musamman a jadawalin aiki. Yakan ɗauki Kamaru ƙasa mai yanayi ɗaya, ya sa damina biyu irin ta Yawunde, alhali tamu ɗaya ce, daga Yuni zuwa Satumba. Muskuwari ma, dawar da ake dasawa a karal, wato ƙasar yumɓu, bayan ruwa ya ɗauke, yakan mai da ita dawar damina. Mai tantancewa da ya san Arewa, da ganin haka ya san marubucin bai taka gonar ba.

Kasafin kuɗi kam ba na ba shi. Farashin siminti da kwano da katako a sefa, daga bakin 'yan kasuwa nake samowa, in yi lissafina da kaina. Sunayen mambobi da lambobin wayarsu ma ba sa shiga ciki.

Kafin in aika, nakan rufe sunan ƙauyen da yatsa in karanta kowane sakin layi da ƙarfi. Wanda zai iya zama na Garwa ko na Kusiri ba tare da an canza komai ba, sai in goge shi in koma kan muryar da na ɗauka.