Godiya daga Sashen Kemistiri, da barka ga 'yan ajin da suka fita

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Sanet, majalisar ƙoli ta malaman jami'a, ta zauna, ta amince da sakamakonku, sunaye sun fita. Ni da aka ɗora wa rubuta wannan a madadin shugaban sashe da sauran malamai, wallahi har yanzu bayana bai daina ciwo ba saboda zaman kujera, amma zuciya fes. Barkanku 'ya'yanmu, barkan iyayenku, barkanmu mu ma da muka rabu da ku lafiya.

Ba sai na tsaya ina ba ku labarin abin da kuka fi ni sani ba. Kun shigo a 2019 da niyyar shekara huɗu, korona ta kulle makaranta a Maris 2020, yajin aikin ASUU ya ɗora a kai har Disamba, kuka dawo kuka ɗan fara numfashi sai ga na 2022 daga 14 ga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur kuna gida, sannan ƙarancin takardun naira, sannan cire tallafin mai a 2023 da ya sa kuɗin mota ya gagari wasunku suka koma takawa da ƙafa. Digirin shekara huɗu ya ci kusan shida. Ya wuce, Allah Ya sa kaffara ne.

Abu ɗaya nake so in tsaya a kansa, don shi ne ya hana ni barci a makon ƙarshe, kuma ta dalilinsa ne zan gode wa mutanen da ba a saba gode musu ba.

Waɗanda ba 'yan jami'a ba suna ɗauka da an gama jarrabawa malami ya yi maki shi kenan an gama. Ina! Maki sai ya bi ta hannun jami'in jarrabawa na sashe ya haɗa na kowane ɗalibi tun daga ajin farko, sannan taron malaman sashe ya duba layi-layi, sannan ya tafi taron tsangaya, sannan kwamitin da ke tacewa kafin Sanet, sannan ita Sanet ɗin. Kuskuren da aka kama a sashe gyaran biro ne, minti biyar. Wanda ya tsallake ya kai Sanet kuwa sai an rubuta takarda ta sake bin duk matakalar nan daga ƙasa, kuma kafin ta dawo an riga an tura sunayen masu tafiya bautar ƙasa, ɗalibi yana zaune a gida yana kallon abokansa suna ɗaukar hoto da kaki.

To saura kwana biyu a shiga taron tsangaya, da daddare, jami'in jarrabawarmu yana bin babbar takardar sakamako karo na ƙarshe sai ya tsaya a kan layin wata ɗalibarmu. A wani kwas mai kiredit 3, nauyinsa ke nan a lissafin maki, da suke ɗauka a sashen maƙwabtanmu an rubuta mata ABS, wato ba ta shiga jarrabawa ba. Abin da ya tsayar da shi shi ne tana da makin gwaji, 26 cikin 40. Ya ce da ni, yarinyar da ta yi tes ta yi asaimen ta samu 26, kuma ba ta taɓa fashin jarrabawa ba tun ajin farko, me zai hana ta shiga ta zangon ƙarshe? Da babu makin gwajin ma da sai mu ce ko ta yi rajista ne ta watsar. Amma gwaji yana nan jarrabawa babu, wannan ko rashin lafiya ne ko takarda ce ta ɓata a hanya.

Bari in nuna muku abin da ABS ɗin nan yake nufi gare ta, don ƙannenku da ke baya su gane. A lissafinmu A maki 5 ne, B 4, C 3, D 2, E 1, F sifili, ana ninka wannan da kiredit ɗin kwas, a tara duka, a raba da jimillar kiredit ɗin da mutum ya yi wa rajista, abin da ya fito shi ne CGPA. Ita jimillar kiredit ɗinta 148, makin da ta tara 510. In ka raba ya ba ka 3.45, wato ta faɗo ƙasa da 3.50 da ake buƙata kafin a ce mutum ya fita da daraja ta biyu babba. ABS ana lissafa shi kamar F ne, kiredit 3 ɗin suna cikin abin da ake rabawa da shi amma ba su kawo komai ba. Kuma wannan ma shi ne ƙaramin ciwon. Babban shi ne kwas ɗin na dole ne, ba a yaye mutum sai ya ci shi, kuma a zango na biyu kawai ake koyar da shi, ke nan za ta sake biyan kuɗin makaranta na shekara guda ta zauna jiran kwas ɗaya tal. Yarinyar da muka san da kuɗin ɗinkin mahaifiyarta take rajista.

Muka kira ta a waya wajen ƙarfe tara na dare. Tana jin tambayar ta fashe da kuka tana rantsuwa ta rubuta, har tana faɗa mana layin da ta zauna da tambayar da ta fara amsawa. Gaskiya a lokacin tsoro ya kama ni, don rantsuwa ba ta shiga taron tsangaya, takarda ake so a gani.

Da safe muka nemi takardar atandans ta zauren, wadda kowa yake sa hannu lokacin shiga da lokacin miƙa takarda. Sunanta yana nan, ta sa hannu sau biyu. Alhamdulillahi, an samu rabin hujja. Saura takardar amsar kanta, kuma malamin kwas ɗin yana hanya ya tafi ta'aziyya garinsu, wayarsa ba ta shiga. A nan ne Baba Masinja na sashen maƙwabtanmu ya shigo. Al'adarmu a irin wannan rubutu a ce ana godiya ga kowa da kowa a wuce, amma yau sai na karya. Baba ya ce ya tuna ranar da ya ɗauko ƙunshin takardun daga ofis zuwa sito malamin ya ware guda ɗaya ya sa a saman ƙunshi ya ce wannan lambarta ba ta cikin jerin masu rajista. Ya nemo makulli wajen shugaban sashensu, ya shiga siton nan mai ƙura, ba wuta, da fitilar waya, dattijo mai fama da gwiwa, ya dinga sauke ƙunshi har ya fito da ita. An yi mata maki tsaf, 38 cikin 60. Ashe garin sauri ta juya lambobi biyu na ƙarshe a lambar rajistarta, shi kuma malamin da ya zo shigar da maki bai ga mai wannan lambar ba sai ya ajiye yana jiran mai ita ya zo cigiya. Aka gwada rubutun hannu da na takardar gwajinta, aka kirga takardun zauren da yawan masu sa hannu, komai ya yi daidai, shugabannin sassan biyu suka sa hannu a kan gyaran kafin la'asar.

26 da 38 ya ba da 64, B ke nan, 4 sau 3 maki 12. Suka hau kan 510 ya zama 522, a raba da 148 ya ba da 3.53. Ta fita tare da 'yan ajinta, kuma da daraja ta biyu babba. Da muka ba Baba ɗan na goro ya ƙi karɓa, ya ce shi ma yana da jika a makaranta, a yi mata addu'a kawai. Baba, Allah Ya ba ka lafiyar gwiwa, Allah Ya sa jikar nan taka ta samu wanda zai tsaya mata kamar yadda ka tsaya wa 'yar wani, Allah Ya haskaka maka ranar da babu fitila sai ta aikin mutum.

Tunda na fara kira bari in ƙarasa. Anti Sakatariya, wadda ta kwana uku tana buga takardun nan da janareton da muka yi karo-karo muka zuba wa mai, Allah Ya saka. Babban mai kula da lab ɗinmu, wanda ya dinga auna muku sinadarai da cokali don su isa kowa ya yi furojet, ya kuma ɗauki samfurin ruwanku a motarsa ya kai inda ake da na'urar gwajin ƙarafa, Allah Ya biya ka. Malamin da ya zo daga wata jami'a ya zauna difens, inda kowa yake kare furojet ɗinsa, daga safe har magariba, ya matsa muku amma bai wulaƙanta kowa ba, mun gode ranka ya daɗe. Mai shayin bakin get da littafin bashinsa, ku da kuka san sunanku yana ciki don Allah kar ku bar garin nan ba ku goge shi ba.

Iyaye mata, ban san da wane baki zan gode muku ba. Mun ga masu zuwa ofis da kuɗin rajista a ƙulle a bakin zane. Allah Ya sa ku ci moriyar yaran nan da ranku da lafiyarku. Su kuma kawunnai da baffanni da ba mu taɓa jin ɗuriyarsu ba lokacin da kuɗin makaranta ya tashi muna bin layi muna roƙa wa yara ƙarin wa'adi, to ga bikin yaye nan tafe, rumfa tana da faɗi, a zo a sha hoto, ba komai.

Ɗalibanmu da suka rasu kafin a kai ga wannan rana, Allah Ya jiƙansu Ya ba iyayensu dangana. Waɗanda yajin aiki ya tura shekarunsu suka haura 30 har za su karɓi takardar yafewa maimakon tafiya bautar ƙasa, kar ku ɗauka an rage muku komai, takardar tana aiki wajen neman aiki. Allah Ya buɗa muku duka, Ya ba ku aiki mai albarka, Ya tsare ku a hanyoyin da za ku bi zuwa sansani, Ya haɗa ku da iyayen gida masu tausayi, Ya sa ilimin nan ya amfane ku ya amfani garuruwanku, amin summa amin.

Masu tafiya NYSC, kowa ya shiga shafin JAMB ya tabbatar sunansa yana cikin jerin waɗanda aka tantance shigarsu jami'a, kuma ya duba sunansa da ranar haihuwarsa sun yi daidai da abin da ke jerin Sanet harafi da harafi, in da bambanci a zo ofis a wannan makon tun kafin a tura. Ku kuma da kwas ya riƙe, ba mu manta da ku ba, ku same ni ranar Litinin da takardun rajistarku na kowane zango, mu zauna mu lissafa abin da ya rage wa kowa.