Wasikar da na aika wa edita yau

Da safe a Kofar Soro, nan Katsina, na tsaya gun mai jarida, sai na ga an buga wani jadawali na rashin aikin yi a Najeriya: layi ya gangaro daga kashi 33.3 cikin dari a karshen 2020 zuwa kashi 4.1 a farkon 2023, kamar matasa sun samu aiki dare daya. Ina isa gida na zauna na rubuta wa editan wasika.

Na ce masa, ranka ya dade, alkaluman biyu duk na Hukumar Kididdiga ta Kasa ne, amma ba da mudu daya aka auna su ba. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba marar aiki ne. A sabon tsari kuwa, ko awa daya ka yi a mako ana biyanka, an lissafa ka cikin masu aiki. Kanena da ya gama digiri, yana tsare wa wani shagon cajin waya ranar Asabar kadai, ya fita daga marasa aiki alhali aljihunsa bai canza ba. Na roki a katse layin a inda aka sauya ma'auni, a rubuta dalili a kasa. Har yanzu ina tunanin dattijon da ke gefena, ya kalli layin nan ya ce alhamdulillahi.