Talata: Kawu da lambar banki ta bogi

Ina cikin shanya wanki da hantsi ɗan Kawu ya kira ni daga Dawanau, muryarsa na rawa. Ya ce, "Yaya, ga wani ma'aikacin banki a kan layin Baba, ya ce mu karanta masa lambar da aka turo yanzu don a dawo da kuɗinmu. Baba ya ce a fara tambayarki." Na ce kar ya karanta ko lamba ɗaya, ya kashe wancan kiran nan take, ya kuma karanto mini saƙon da ya shigo tun daga farko har ƙarshe.

Sun kira ni ne saboda na taɓa aiki a sashen amsa kiran abokan hulɗa na wani banki, kuma tun lokacin duk wanda kuɗinsa ya maƙale a gidanmu ni yake nema.

Ga abin da ya faru. Kawu ya sayi hatsi na naira 85,000, ya miƙa kati aka saka a POS. Na'urar ta fitar da takarda mai ɗauke da "Declined", amma alat ya shigo cewa an cire kuɗin. Mai hatsi ya ce bai ga komai ba, kuma gaskiyarsa ce. Kawu ya biya da tsabar kuɗin da ke aljihunsa, ransa a ɓace. Yaron ya buɗe Google ya rubuta sunan bankin da "customer care number", ya danna lambar da ta fara bayyana. Bugu biyu aka ɗauka. Mutumin ya gaishe su da ladabi, ya ba su haƙuri, da ya ji Turancin yaron na tangarɗa sai ya juya zuwa Hausa. Ya nemi lambobi 16 na gaban katin, aka ba shi. Ya nemi wata da shekarar da katin zai daina aiki, aka ba shi. Ya nemi lambobi uku na bayan katin, su ma aka ba shi. Sai ya ce za a turo wasu lambobi shida, su ne za su buɗe hanyar dawo da kuɗin.

Saƙon da yaron ya karanto mini ko kalmar dawo da kuɗi babu a ciki. Cewa ya yi ga OTP, wato lambar sirri mai aiki sau ɗaya, na biyan naira 200,000, kuma kada a bayyana shi ga kowa, har da ma'aikacin banki. Wato yayin da mutumin ke ba su haƙuri, hannunsa na kan wani shafin biyan kuɗi yana cike bayanan katin Kawu. Lambar kati, ranar ƙarewa da CVV, wato lambobi ukun nan na bayan kati, su ne ake bukata don sayayya ta intanet, sai banki ya tura OTP zuwa wayar mai asusu don ya tabbatar shi ne da kansa. Wannan matakin kaɗai ya rage masa. Dawo da kuɗin da ya maƙale kuwa aiki ne da ake yi tsakanin bankuna, ba ya bukatar komai daga cikin waɗannan. Wanda zai zuba maka kuɗi lambar asusunka ta ishe shi.

Na sa yaron ya buɗe manhajar bankin a wayar Kawu, ya shiga sashen kati ya rufe shi. Ko da yake ba a ba mutumin OTP ba, katin ya riga ya tonu, domin akwai shafukan ƙetare da ke karɓar biya da lambar kati da CVV kawai, ba sa jiran OTP. Ana cikin haka mutumin ya sake kira, ya kuma kira. Na ce a bar shi ya yi ta ringin.

Da la'asar na je gidan. Kawu na zaune a kan tabarma a zaure, ga katin da takardar POS a gabansa. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗiyata, abin da ya ɗaure mini kai, ai ba shi ya kira mu ba. Mu muka kira shi." Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Shekara da shekaru ana gargaɗin mutane su yi hattara da mai kiransu yana cewa daga banki yake, kuma sun ji. Kawu kansa ya sha kashe wa irin waɗannan waya. Amma idan kai ka nemo lamba da hannunka ka buga, zuciyarka ta gama yarda tun kafin a ɗauka. Ɓarayin sun gane haka, sai suka daina bin mutane, suka koma dasa lambobinsu a inda mai neman taimako zai je da ƙafarsa.

Na karɓi wayar yaron muka sake yin binciken tare. Lambar na nan a sama, kuma a kanta da ƙananan haruffa an rubuta "Sponsored". Na nuna masa. Wannan kalmar na nufin wani ya biya kuɗi aka ɗora shafinsa a saman sakamakon bincike, talla ce kamar kowace talla. Adireshin shafin ma sunan bankin ne aka ƙara masa wasu kalmomi a gefe, alhali tambarin da launin duk daidai suke, don kwafe su ba wuya. Akwai wasu hanyoyin kuma. A taswirar Google kowa na iya danna "Suggest an edit" ya ba da shawarar canza lambar wani wuri, wani lokaci ta bogi ta tsallake tacewa ta zauna a ƙarƙashin sunan reshen banki na gaskiya. A Facebook da X kuma, da ka rubuta ƙorafi a ƙarƙashin sanarwar kamfani, sai wani shafi mai irin sunansa da tambarinsa ya amsa maka cikin mintuna, ya ba ka lambar WhatsApp.

Yaron ya ce ai shi ya duba, Truecaller ta nuna sunan bankin. Na gane dalilinsa, amma sunayen da ke fitowa a can daga mutane suke zuwa, daga yadda aka adana lamba a wayoyi ko yadda mai lambar ya rubuta wa kansa suna. Ɓarawo na iya sa wa layinsa sunan da ya ga dama. Haka siffar lambar ita kaɗai ba hujja ba ce. Bankuna da yawa na amfani da masu farawa da 0700, amma wasu suna da layukan salula na yau da kullum, don haka ba za ka yanke hukunci da kallon farkon lamba ba.

Sai na ɗauki katin Kawu na juya bayansa. Lambar bankin na nan a rubuce, ƙanana ƙwarai, kusa da inda yaron ya karanto lambobi ukun nan da safe. Kawu ya riƙe katin nesa da idonsa ya ce shi bai taɓa lura da ita ba. Ni dai abin da nake bi ke nan: ina karɓar lamba ne kawai daga abin da kamfanin ya damƙa mini da kansa, kamar bayan kati, ko sashen taimako na cikin manhajarsu, ko takardar da aka ba ni a reshe. In shafinsu zan shiga, na rubuta adireshin da hannuna kamar yadda yake a jikin katin, ba na bi ta bincike. Kamfanonin waya ma nasu ya fi sauƙi, tun da a 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta haɗe gajerun lambobi, 300 ke kai ka ga masu kula da abokan hulɗa a kowane layi, in kuma ba su magance maka ba akwai 622 na NCC ɗin kanta, kyauta.

Muka buga lambar bayan katin, na sa a lasifika. Na'ura ce ta fara amsawa, danna kaza don kaza, sannan waƙa, sannan jira. Kawu ya fara ƙosawa, ya ce wancan na safe ya fi saurin ɗauka. Haka ne, kuma wannan jiran da gajiyar su ne ke tura mutane hannun ɓarayi. Na zauna a wancan gefen layin, na san yadda kira ke taruwa, amma hakan ba ya rage wa mai jira zafin kuɗinsa da ya maƙale da katin wayarsa da ke ƙonewa.

Da ma'aikaciyar ta ɗauka, ta tambayi sunan Kawu, lambar asusu, ranar haihuwa da adadin kuɗin da ya fita na ƙarshe. Duk abubuwa ne da ke gabanta, tana gwadawa ne ta ga ko mai magana ya san su. Daga katin lambobi huɗu na ƙarshe kawai ta nema. Ba ta tambayi PIN ba, ba ta tambayi CVV ko OTP ba, ba ta ce a sauke wata manhaja irin AnyDesk don ta ga fuskar wayar ba, ba ta ce a tura wani abu kafin a dawo da kuɗi ba. Ta tabbatar katin a rufe yake, ta kuma ga yunƙurin cire 200,000 da bai kammala ba. Daga takardar POS na karanto mata kwanan wata, lokaci, adadin kuɗi da lambar RRN mai lambobi 12, wadda da ita ake bin sawun cinikin. Shi ya sa takardar "Declined" ba abin yarwa ba ce. A ƙarshe ta ba mu lambar ƙorafi, na rubuta ta a bayan takardar.

Na shaida wa Kawu cewa bisa ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a watan Yunin 2020, irin wannan kuɗin na POS ya kamata a warware shi cikin awa 72, wato zuwa Juma'a. Rufe katin ba zai hana ba, don asusu kuɗin zai koma. In mako biyu ya wuce bankin bai warware ba, ana iya kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin, kuma a can lambar ƙorafin nan za su fara nema.

Kafin in tafi na adana lambar bankin a wayar Kawu da ta yaron, muka kuma kai rahoton tallar ta ɗigo ukun da ke gefenta. Na ja kunnensu cewa mutumin yanzu ya san sunan Kawu, bankinsa da matsalarsa, don haka yana iya dawowa da wata lambar ya ce daga sashen yaƙi da zamba yake. Duk wanda ya kira, su kashe su buga wadda muka adana. Gobe da safe yaron zai raka Kawu reshe da katin shaida su karɓi sabon kati, ni kuma zan kira shi Juma'a bayan an sauko daga masallaci in ji ko alat ya shigo.