Kuɗin injin da ka sayar ba naka ba ne tukuna

A aikin akanta na raka mutane da dama rufe kasuwancinsu, kuma kusan kowannensu a wuri guda yake tuntuɓe: ranar da kuɗin kayan aikin da ya sayar suka shigo hannu. Mutum ya sha wuya, ga miliyoyi sun faɗo asusu, sai ya ɗauka ragowar jarinsa ce ta dawo. Alhali akwai masu haƙƙi a cikin kuɗin, har da hukumar haraji.

Wani ƙaramin kamfanin ruwan leda da muka rufe a 2024 ya isa misali. Alhajin da ke da kamfanin ya sayi inji a 2022 kan naira miliyan 10. Doka tana ba kamfani rangwamen haraji kan kayan aiki, ana cire wani kaso na kuɗin sayensu daga riba kowace shekara. Ya riga ya ci rangwamen miliyan 7.5, don haka a lissafin haraji darajar injin miliyan 2.5 ce kawai ta rage. Sai naira ta faɗi, tsohon inji ya yi tsada, aka saye shi miliyan 12. Alhaji ya yi murna. Ni kuwa na ɗauko biro.

Rangwamen nan an ba shi ne bisa zaton injin yana tsufa yana rage daraja. Tunda an sayar da shi sama da abin da ya rage a takarda, sai a maido da miliyan 7.5 ɗin cikin ribar shekarar ƙarshe. A dokar wancan lokacin, kamfanin da cinikinsa na shekara ya haura miliyan 25 bai kai 100 ba yana biyan kashi 20 cikin ɗari, wato miliyan 1.5 ke nan. Miliyan 2 da suka ɗara kuɗin saye kuma ribar kadara ce, harajinta kashi 10, naira dubu 200. Abin da ya rage masa nauyi shi ne asarar da kamfanin ya yi a baya, domin ana cire ta daga ribar. Amma asarar da aka taɓa kai wa hukuma a rubuce ita ake karɓa. Wanda ya daina shigar da bayanan haraji da hujjar "ai ba ma cin riba", a ranar rufewa zai ga abin da ya zubar.

Dokar ta ce a lissafa ribar ƙarshe daga farkon shekarar lissafi zuwa ranar da aka daina aiki, a biya cikin wata shida. Shi ya sa nake matsa wa mutane su tsayar da rana guda a rubuce. Sabbin dokokin haraji sun fara aiki a Janairun 2026, hukumar harajin tarayya ma, wato FIRS, ta koma NRS, saboda haka mai rufewa yanzu ya duba alƙaluman da ke ci. Wanda rajistarsa ta sunan kasuwanci ce kawai, ba kamfani ba, hukumar harajin jiharsa zai nufa da lissafin ribarsa.

Sai bashi. Nan zumunci yake shigowa ya rikita lissafi. Kowa so yake ya fara sallamar surukinsa ko aminin da ya ranta masa kuɗi ba takarda, kunya ce ke jan sa. Dokar Kamfanoni ta 2020 ba ta san kunya ba. Wanda aka jinginar masa da takamaimiyar kadara yana da haƙƙi a kanta. Albashin ma'aikata da kuɗin fanshon da aka cire musu da haraji suna gaban masu bin bashin kaya. Mai kamfani shi ne na ƙarshe, in an samu saura. Idan kuɗin ba za su isa kowa ba, ka zaɓi ɗan uwanka ka biya shi dab da rushewa, kotu na iya warware biyan. Ni dai a ganina ma'aikaci ya fi kowa cancanta a fara da shi ko da doka ba ta faɗa ba, don direba da mai ɗaure leda ba su da lauya.

Kada kuma a manta da bashin da kai kake bi. Da zarar labarin rufewa ya bazu, dillalan da ke karɓar kaya bashi sai wayarsu ta daina shiga. Mun koyi a fara karɓo bashin waje kafin a sanar, kuma duk wanda aka biya ya sa hannu cewa ba ya bin komai.

Garƙame ƙofa da kwaɗo ba ya kashe kamfani. Muddin sunansa na rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ana jiran rahotonsa na shekara, tara kuma tana taruwa. In kamfanin zai iya biyan bashinsa, daraktoci su yi rantsuwa cewa za a biya duka cikin wata 12, a naɗa wanda zai tattara kadarori ya raba, sannan a soke sunan. Alhajin ruwan leda sai bayan an gama wannan ya taɓa ragowar kuɗin injinsa, kuma bai kai rabin abin da ya lissafa da farko ba.